Ranar da Sunan Kallamu Ya Goge

Duk wanda ya je cike fom a shagon Bashira da ke bakin Kasuwar Relief a Anacha, abin da zai fara ba shi haushi shi ne jinkirinta. Ba ta taɓa waya sai ta gama da biro. Za ta zaunar da kai a benci, ta buɗe littafi mai baƙin bango, ta tambaye ka sunanka da na mahaifinka da na garinku, ta rubuta, ta karanta maka, ka ce haka ne, sannan ta ɗauki waya. A wayar ma, bayan kowace tambaya huɗu ko biyar sai ta koma sama ta danna maɓallin ajiya, ta tsaya tana kallo har sai ya nuna an ajiye. 'Yan dako masu jiran mota sukan yi ta tsaki. Wasu su ce a da ba haka take ba, kuma gaskiya suka faɗa. Ni 'yar baffanta ce, gidanmu ɗaya muka tashi, na san lokacin da babu mai saurin yatsa kamarta a layin nan gaba ɗaya.

A Anacha aka haife ta. Mahaifinta, Alhaji Ma'u Indabawa, ya zo daga Kano da wake da albasa tun kafin a haife mu, ya zauna, ya zama ɗaya daga cikin dattawan da ake kira idan Bahaushe ya shiga matsala a gari. Bashira ta tashi tana jin Ibo kamar 'yar gida, tana zagi da Turancin Broka, tana gaida manya da Hausar Kano mai tsawo. Da ta gama difloma ta auri Aslam, mai sayar da kayan waya, ya kama mata ɗan shago ya sa mata injin hoto da na buga takardu. Ta fara cike wa mutane fom: na jarrabawa, na neman aiki, na katin zaɓe. Tana alfahari da cewa kafin ka gama shan ruwan leda ɗaya ta sallame ka.

Shekara uku da suka wuce dattawan Hausawa na Anacha da Inugu da Fatakwal suka haɗu a kan wata damuwa da ta daɗe tana cin su. Samari da magidanta suna saukowa daga ƙauyukan Arewa neman aiki, su yi dako, su tura baro, su haƙa rijiya, su kwana a rumfa. Idan ɗayansu ya mutu, sai a tarar ba wanda ya san shi da wani suna sai Dogo ko Ɗan Fulani ko Na Katsina. A binne shi, 'yan'uwansa ba su sani ba. Sai aka ce a yi rajista. Wani Imrana, ɗan gidan 'yan kasuwa da ke Asata a Inugu, wanda ya karanta kwamfuta, shi ya haɗa fom ɗin a intanet. Shafi ɗaya ne mai tsawo, tambaya arba'in da biyu, daga suna da gari da ƙaramar hukuma har zuwa alamar jiki da lambar wanda za a kira. A Anacha aka danƙa wa Bashira aikin.

Imrana ya yi mata bayani ta waya. Ya ce akwai ɗan maɓalli a sama na ajiye abin da aka rubuta kafin a gama, ta riƙa danna shi. Ya ce idan aka yi minti ashirin ba a aika komai ba, fom ɗin zai fitar da ita, sai ta sake sa sunanta da lambar sirri. Ta ce to, to. Daga baya ta gaya mini a ranta dariya ta yi, don ba ta taɓa wuce minti bakwai a kan mutum ɗaya ba.

Kallamu mai baro ne. Zai kai shekara arba'in, siriri, yana da wushirya da wani tabo a gefen wuya kamar na ƙuna. Shekara biyu yana ɗaukar buhuna daga motoci zuwa rumfuna a kasuwar, ba wanda ya san inda ya fito. Ba ya da waya. Ba ya zaman hira, ba ya faɗa, idan an tambaye shi garinsu sai ya ce can sama. Baba Muhammad Sani, shugaban 'yan dakon, ya bi shi sau uku a kan ya je a rubuta shi, yana cewa gobe. Sai aka yi wata jana'iza ta wani mai haƙar rijiya da ba a san kowa nasa ba, Kallamu yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin. Kashegari da hantsi ya jingine baronsa a ƙofar shagon Bashira, ya cire takalmi kamar zai shiga masallaci, ya yi sallama.

Damina ce, hadari ya haɗu ta wajen kogi. Ta fara ɗaukar hotonsa da kyamarar wayar kamar yadda take yi wa kowa, sannan ta buɗe fom. Ya faɗi sunansa na yanka, wanda ba Kallamu ba ne, ya faɗi na mahaifinsa. Daga nan abin ya ƙi gudu. Kowace tambaya sai ya kalli ƙasa, sannan ya amsa da labari. Da ta tambayi garinsu sai ya kwatanta mata hanya, inda ake sauka daga mota da inda ake hawa amalanke. Da ta tambayi iyali sai ya ce yana da mata da 'ya'ya biyu mata, rabonsa da su shekara shida, ƙaramar tana ciki ya baro gida. Bai faɗi abin da ya fito da shi ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta ce ta so ta katse shi, amma ta ga mutumin kamar wanda ya daɗe bai buɗe baki ba, sai ta bar shi. Tana saurare tana rubutawa, akwatunan fom ɗin suna cika a gabanta, hankalinta kwance tunda ga rubutun tana gani.

A ƙarshe ya ba ta lambar waya, ta wani tela a kasuwar da ke kusa da ƙauyensu. Da ka ya karanto ta, a hankali, sau biyu. Ya ce tun da ya fito bai taɓa kira ba, amma kullum yana maimaita ta bayan sallar asuba don kada ta ɓace masa.

Sun kusa minti hamsin a zaune. Ruwa ya sauko da ƙarfi a kan kwano. Ta danna aikawa, sai wata 'yar da'ira ta kama juyawa a tsakiyar allo. A daidai lokacin aka ƙwala wa Kallamu kira daga waje, motar albasa ta iso, ana so a sauke kafin ruwa ya jiƙa kaya. Ya miƙe yana sa takalmi, ya juyo ya ce, "Malama, ya shiga?"

Ta dubi da'irar tana juyawa, ta ce, "Ya shiga, Malam Kallamu. Ka je."

Ya ce Allah ya saka da alheri, ya ja baro ya shiga ruwa.

Da'irar ta yi ta juyawa. Ta duba saman wayar, ta ga babu sabis ko ɗigo. Duk abin da ta rubuta yana nan a bayan da'irar, tana iya hango shi dishi-dishi. Da ta bar shafin yadda yake, da ta ɗauki hoton allo ko ta kwafe a takarda, da shi ke nan. Amma hannunta ya saba. Da sabis ya ɗan leƙo sai ta ja shafin ƙasa don ya sake lodi, kamar yadda take yi wa komai idan ya tsaya. Shafin ya yi fari, ya dawo yana neman sunanta da lambar sirri. Ta sa. Fom ya buɗe, akwatuna arba'in da biyu, babu ko harafi. Ta danna komawa baya, ba komai. Ta duba jerin waɗanda aka yi wa rajista, na ƙarshe wani mai yankan farce ne da ta sallama da safe.

Ba ta ɗauki abin da zafi ba a lokacin. Ta ce idan ruwa ya ɗauke za ta sake cikewa daga abin da ta tuna, sauran ta kira shi ya ƙarasa. Amma ruwan ya koro mutane cikin shagon, ganin suna zaune sai suka ce a rubuta su, ta yi mutum goma sha ɗaya kafin la'asar. Kashegari ta hango shi ya wuce da buhuna uku a baro, ya ɗaga mata hannu yana murmushi, abin da ba ta taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Ta buɗe baki za ta kira shi, sai ta ji nauyi. Ta tuna yadda ya yi ta haɗiyar yawu kafin ya faɗi sunan matarsa. Yanzu ta ce masa duk wannan ya tafi a banza, ya sake daga farko? Kuma ta ce masa ya shiga alhali bai shiga ba? Ta bar shi sai ranar da kasuwa ba cika. A cikin kwana tara ta rubuta mutum sama da ɗari, don Baba Muhammad Sani yana ta turo su yana cewa ko Kallamu ya je an rubuta shi, wa ya rage.

A rana ta tara, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, Kallamu ya sauke buhu daga kafaɗarsa, ya ce kansa yana juyawa, ya zauna a gindin tayar mota. Kafin a kawo ruwa ya kife. An kai shi asibiti a keke mai ƙafa uku, suka ce ya riga ya cika.

Bashira tana cikin buga wa wata mata takarda ta ga mahaifinta da Baba Muhammad Sani da wasu 'yan dako huɗu sun tsaya a ƙofa. Baba Muhammad Sani ya gaishe ta gaisuwa cikakkiya, ya tambayi maigida da yara, sannan ya faɗi rasuwar. A fuskarsa har da wani ɗan sauƙi, irin na wanda aikinsa ya yi rana. Ya ce Allah ya sa wannan karon ba za a binne baƙo ba, ta ba su lambar a sanar da mutanensa kafin a yi masa sutura. Ɗaya daga cikin 'yan dakon ya ƙara da cewa marigayin da bakinsa ya gaya musu an rubuta shi, har ya ce yanzu ko ya faɗi an san inda za a kai labari.

Ta ce ta ɗauki wayar ta buɗe jerin sunaye tana ja sama tana ja ƙasa, alhali ta san babu. Sun tsaya suna jira. Ta ajiye wayar ta ce, "Baba, bai shiga ba. Tun ranar ya goge. Na ce masa ya shiga, kuma ban koma na gaya masa ba."

Mahaifinta bai yi faɗa ba. Ya tambaye ta abin da ta tuna. Nan ta gane girman abin. Sunaye ɗari sun bi ta kan nasa. Sunan yanka ko Abdulƙadir ne ko Abdulkarim, ba ta da tabbas. Jihar ko Jigawa ko Yobe, ta dai tuna ya ce suna jin rediyon Nijar tangaram. Ƙauyen ya fara da Garin, kamar ƙauyuka ɗaruruwa. Babbar 'yarsa sunanta Baiwa, wannan kam ta riƙe. Lambar tela ta ƙare da huɗu, ɗaya, bakwai. Sunan matar ya tafi gaba ɗaya. Abin da ya rage cikakke shi ne hoton, don shi a ma'ajiyar hotunan wayar yake, ba a cikin fom ba.

An caje rumfar da yake kwana. Tabarma, riga biyu, carbi, da wata leda da ya ƙulle awarwaron yara guda huɗu a ciki, sababbi. Ba takarda ko ɗaya. Bayan la'asar aka binne shi.

Kwana uku bayan haka ta ce wa Aslam za ta je Inugu. Ya ce ai waya ta isa, ta ce ba ta isa ba. Ni na raka ta. Muka sami Imrana a wani ɗaki a saman shagon mahaifinsa a Asata, da kwamfuta biyu da fanka mai ƙara. Ta roƙe shi ya duba can ciki, inda ita ba ta iya gani, ko wani abu ya maƙale. Ya duba a gabanmu. Ya nuna mata layin da ya ce ta shiga ƙarfe goma da minti shida, da layin da ya ce ta sake shiga ƙarfe sha ɗaya da minti biyu. Tsakaninsu babu komai.

Ya yi mata bayani a hankali. Ya ce rubutun da mutum yake gani a akwatunan fom a cikin wayarsa kaɗai yake, na'urar da ke karɓa ba ta san ana yi ba. Ko awa ka yi kana rubutu, a wajenta shiru ka yi, sai ka danna ajiya ko aikawa ne take jin motsinka, sannan minti ashirin ɗin ya soma ƙirguwa daga farko. Tun ƙarfe goma da minti ashirin da shida aka fitar da ita, ba ta sani ba. Saboda haka ko da sabis bai ɗauke ba, aikawar ba za ta karɓu ba. Amma da ta danna ajiya ko sau biyu ne a tsakani, da lokacin bai ƙare ba, kuma da duk abin da ta rubuta kafin dannawa ta ƙarshe yana nan. Ya karɓi wayarta ya taɓa akwatin lamba ko za ta kawo tsofaffin abubuwan da aka taɓa sawa. Ba ta kawo ba. Ya ce shi da kansa ya kashe wannan, don kada lambar wani ta faɗa a fom ɗin wani.

Sannan ya ce, "Anti, laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Ni na yi fom mai tambaya arba'in, na sa masa minti ashirin, ban sa ya yi gargaɗi ba. Ban taɓa zama da irin mutanen da za a tambaya ba."

Ta ce masa shi bai ce wa kowa ya shiga ba.

Daga wannan tafiyar Bashira ta canza. Ba ciwo ta yi ba, tana zuwa shago tana dawowa, tana dafa abinci. Amma da rana tsaka, tana cikin aiki, sai ta ji kamar mutum ya tsaya a ƙofa yana cire takalmi. Ta ɗaga kai ba kowa. Idan an fara ruwa ba ta iya zama a kujerar, sai ta fito baranda ta tsaya. Lambobi suka dame ta. Ta ga lambar mota ko ta jikin allon talla ta ƙare da huɗu ɗaya bakwai, sai ta tsaya cak a hanya har mai okada ya yi mata hon. Wani lokaci wata lamba za ta zo mata cikakkiya, da muryarsa, a hankali, ta yi sauri ta rubuta ta kira. Ta sami wata mata a Ibadan, ta sami wani soja, ta sami layuka da yawa da aka ce babu su. Kowa ta tambaye shi ko tela ne.

Abin da ya fi ci mata rai matar ce. Ta ce mini tana wanke-wanke sai ta ga wata mace da ba ta san fuskarta ba, a wani tsakar gida mai danga, tana zaune da auren mutumin da ke cikin ƙasa a Anacha. Ba ta yi takaba ba, ba a yi mata gaisuwa ba, idan an zo neman aurenta za a ce mijinta yana kudu. Yarinyar kuma da bai taɓa gani ba tana girma ana ce mata babanta zai dawo. Ta ce duk wannan yana cikin hannunta na minti hamsin.

An yi abin da za a iya. An watsa hoton a zaurukan waya na 'yan kasuwa, an ba direbobin da ke hawa Gumel da Maigatari da Nguru, Alhaji Ma'u ya sa an yi cigiya a rediyo sau biyu. Mutane sun kira, wasu suna kuka, sai a tura musu hoton su ce ba shi ba ne. Bayan wata bakwai wani direban shanu ya ce ya san fuskar a Fatakwal. Bashira da Aslam suka tafi. A kusa da kasuwar shanu suka sami wani Isah mai suya, ya kalli hoton ya ce ƙwarai, wannan ya yi masa saran itace kusan shekara, amma su Shiru suke ce masa. Bai san garinsu ba. Abin da ya tuna kawai, wata rana mutumin ya ari wayarsa, ya danna lambobi har suka cika, ya tsaya yana kallonsu, sannan ya goge ya miƙo masa ya ce ya fasa.

Imrana ya gyara fom ɗin. Yanzu yana ajiye kansa duk bayan minti ɗaya idan akwai sabis, idan babu ya riƙe kwafi a cikin wayar har sabis ya dawo, kuma yana fito da gargaɗi kafin lokaci ya ƙare. Bashira ta yi masa godiya, amma ba ta saki nata tsarin ba. Ta ce kwafin cikin waya yana tafiya idan aka share tarihin manhajar shiga intanet ko wayar ta lalace, sauran fom-fom na duniya kuma ba Imrana ne ya yi su ba. Duk wanda dattawa suka ɗauka aikin rajista a garuruwan uku, wurinta ake turo shi ya kwana biyu. Tana sa su duba ragowar data kafin su fara. Tana sa su ɗauki hoto su rage masa nauyi tun kafin su buɗe fom, don ƙaramar waya takan sake lodin shafi idan an fita zuwa kyamara aka dawo. Idan sabis ya ɗauke, ta ce a cire hannu daga shafin, a ɗauki hoton allo daga sama har ƙasa, a jona da datar wata wayar, sannan a sake gwadawa. Idan an aika bai nuna komai ba, a buɗe jerin sunaye a wani shafi dabam a duba kafin a sake dannawa, kada mutum ɗaya ya shiga sau biyu. Kuma ba a sallamar kowa sai lambar shaida ta fito, an rubuta masa a takarda ya sa a aljihu. Ba ta ba su labarin Kallamu. Galibi sun riga sun ji a waje.

A watan azumin bana wata tsohuwa ta zo shagon, ƙaninta yana riƙe da jakarta. Sunanta Kubura, daga wani ƙauye a bayan Gumel. Ɗanta take nema, shekara huɗu ba labari, an ce mata a Anacha akwai mai littafin 'yan ci-rani. Da Bashira ta ji inda ta fito sai ta tuna cewa Gumel a Jigawa take, kusa da Nijar. Kafin ta tambayi sunan ɗan, ta ɗauko hoton Kallamu da ta buga ta ajiye a durowa, ta miƙa mata. Tsohuwar ta kai shi kusa da ido, ta fita da shi bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe. Ta dawo ta ce ba nata ba ne, nata bai kai wannan shekaru ba.

Sai Bashira ta nemi sunan ɗan. Babu shi a cikin waɗanda aka kammala. Ta shiga wajen waɗanda aka ajiye ba a gama ba, ta same shi a Inugu. An fara rubuta shi bara, aka tsaya a tambaya ta sha tara, wataƙila aiki ya kira shi bai dawo ba. Amma mai rubutun ya danna ajiya, kuma a cikin sha taran akwai lambar ubangidansa, wani mai sayar da doya kusa da Asata. Aka kira. Mutumin ya ce ɗan nata yana nan, yanzu ma ya aike shi, a sake kira bayan azahar. Tsohuwar ba ta yi kuka ba, ta zauna a ƙasa ta jingina da injin buga takardu tana ta hamdala a ciki-ciki.

Suna jiran azahar ta tambayi labarin mai hoton. Bashira ta gaya mata duka, har da abin da ta ce masa yana sa takalmi. Ban taɓa jin ta faɗa wa baƙo ba. Kubura ta saurara har ƙarshe, ba ta ce mata ba komai ba, ba ta kuma ce ta yi laifi ba. Ta ce, "'Yar nan, ba ni hoton. Ni daddawa nake kaiwa kasuwanni, ina cin biyar a mako. Maza kuka ba wa cigiya, su kuwa ba sa shiga cikin gida. Zan tambayi mata wace ce uwar Baiwa."

Bashira ta buga mata guda ashirin, ta rubuta lambarta a bayan kowanne, ta sa a leda saboda ruwa. Bayan azahar Kubura ta ji muryar ɗanta a waya, da yamma Aslam ya kai su tashar motar Inugu.

Wata biyar ke nan. Kubura takan sa jikanta ya kira duk bayan mako biyu ko uku. Ta sami Baiwa uku zuwa yanzu: ɗaya mahaifinta yana gida, ɗaya nata ya rasu tana goye, ɗaya kuma tsohuwa ce da jikoki. A kiran da ta yi na ƙarshe ta ce an ba ta labarin wani tela a wata kasuwa ta bakin iyaka, amma ruwa ya cinye hanyar, sai kaka za ta iya zuwa.